Wasiƙar Farko Zuwa Ga Mai Jari: Yadda Ake Neman Ƙiradi Ta Imel

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga Kano ta nufi Ɗambatta da Kazaure a tsakiyar damina, ya sani a wannan yanki babu sauran daji, gona ce ke jingine da gona iyakar ganin ido, kowace kuwa rabon gado ya bi ta kanta sau biyu ko sau uku, har ta kai matsayin da abin da magidanci zai girba na gero da dawa da wake da 'yar gyaɗa ba ya kai iyalinsa wata daminar sai an haɗa da sana'ar rani. Saurayin da ya tashi a nan, in Allah ya ba shi basirar ciniki, abin da ke tare masa gaba shi ne jari, domin banki jingina yake nema, gonar gidansu kuwa ba ta da takarda, kuma ba tasa ba ce shi kaɗai. Saboda haka idonsa kan koma kan wani attajiri ɗan garinsu da ya zauna a birni, ko a Legas, ko a Abuja. Da yawa daga cikin waɗannan attajirai a yau, in aka tare su da irin wannan magana a wurin ɗaurin aure ko ta'aziyya, sai su ce a rubuto musu ta imel, ko don akawunsu ko ɗansu ya duba, ko kuwa don su gwada ko mai maganar da gaske yake.

Irin wannan ce ta sami wani ɗan ƙanwata da ke zaune a wani ƙauye kusa da Ɗambatta, wanda ya yi kaka biyu yana sayen ɓararriyar gyaɗa buhu biyu ko uku da kuɗin kansa, ya kai injin wani a cikin gari a matse masa, ya sayar da man ga masu suya da masu shaguna, tunkuzar kuma ya sayar wa masu kiwon kaji da mata masu ƙuli-ƙuli. Ya zo mini bayan sallar la'asar da wayarsa a hannu, ya ce, "Kawu, duba mini wannan kafin in tura wa Alhaji." Na karɓa na yi ta murzawa da yatsa, wasiƙa ta ƙi ƙarewa. Gaisuwa kaɗai ta ci layi goma sha biyu, daga nan ya shiga tarihin dalar gyaɗa, ya gangaro kan mutuwar mahaifinsa da nauyin ƙannensa, sai can ƙasa ya nemi naira miliyan shida don ya sayi injin matsa da janareta ya gina rumfa, ya kuma rantse zai riƙa ba Alhaji ribar kashi ashirin cikin ɗari kowane wata ba fashi. Na ce masa, "Kai yaro, duk abin da ka faɗa a kanka gaskiya ne, na kuwa shaida, amma wannan wasiƙa ba za a kai ƙarshenta ba, wanda ya daure ya kai kuwa tsoronka zai ji." Abin da muka yi da ita a daren nan shi zan shimfiɗa a nan, la'alla ya amfani wani.

Mas'ala ta farko da ya wajaba mai rubutu ya fahimta ita ce maƙasudin wasiƙar. Babu mai hankalin da zai karanta imel daga wanda bai taɓa yin mu'amala da shi ba, ya tura masa miliyoyi a wannan zaman. Iyakar abin da wasiƙar farko za ta iya sayo wa mai ita shi ne zama na rabin sa'a, ko kiran waya, ko a aiko wani amintacce ya je ya gani da idonsa. Wanda ya riƙe wannan a ransa zai ga kashi uku cikin huɗu na abin da yake son faɗa ya zube da kansa, domin duk bayanin da za a iya yinsa a zaman ba shi da gurbi a wasiƙar, sai dai abin da in babu shi zaman ba zai yiwu ba. Ni ma'aunina wajen kalma ɗari biyu ne, gwargwadon abin da mutum zai karanta a fuskar waya da murzawa ɗaya ko biyu yana jiran a tayar da salla.

Sa'an nan sai batun wanda zai gabatar da kai, wanda a wurina ya fi kowane layi na wasiƙar nauyi. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a shekarar da ta biyo, manyan 'yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, suna raba kuɗi ga yaransu su shiga ƙauyuka su sayo musu gyaɗa, abin da ke riƙe da wannan ciniki kuwa sanayya ce, an san uban mutum, an san malaminsa, an san wanda zai ji kunya in ya ci amana. Har gobe haka ake ba da kaya a Dawanau da Kantin Kwari. Imel kuwa baƙo ne da ba shi da fuska, kuma 'yan damfara sun ɓata masa suna tun da daɗewa, har lambar sashen dokar da ke hukunta su, 419, ta zama sunansu a bakin kowa. Don haka kada ka rubuta wa wanda ba ku da mutum a tsakani. Nemi limamin garinku, ko dagaci, ko wani dillali da Alhajin ke saye a hannunsa, ka gaya masa abin da kake nufi, ka nemi izninsa a fili cewa za ka ambaci sunansa, in da hali ya fara yi wa Alhaji magana da baki. Ambaton sunan mutum ba da izninsa ba kuwa cin amana ne tun ba a fara ba, kuma kiran waya ɗaya ya isa ya tona shi. Ɗan ƙanwata ya yi sa'a, limamin Juma'arsu abokin karatun allo ne na Alhajin, shi ne ma ya karɓo adireshin.

Akwai 'yan abubuwa na zahirin wasiƙa da ba sa bukatar dogon sharhi. Adireshin da za ka aika da shi ya zama da sunanka na yanka da na mahaifinka, domin laƙabin da abokai ke kiranka da shi a dandali ba ya shiga zauren dattijo. A gurbin da aka rubuta Subject a kan allo, sanya sunan wanda ya haɗa ku da sana'ar da adadin kuɗin, ka guji kalmomi irin su "taimako" da "gaggawa" da "babbar dama", waɗanda su ne tufafin 'yan damfara. Mutum ɗaya ake rubuta wa, in Alhaji ya ga sunayen attajirai biyar a jere a gurbin To ko Cc zai gane bara ake yi gida gida. Kada ka liƙa wa wasiƙar farko takardu masu nauyi ko hotuna goma, in lalle sai ka liƙa, to shafi ɗaya na lissafi a siffar PDF ya wadatar. Harshe kuma, ka rubuta da wanda za ka iya kare kowace kalmarsa in an tsare ka da tambaya. Hausa mai tsabta ta fi Turancin aro, wanda da an zauna da kai za a gane ba naka ba ne.

Inda muka daɗe shi ne lissafi, domin nan ne attajiri ke gane ko mai rubutu ya taɓa riƙe jarka da hannunsa. Na tambayi yaron, "Buhu ɗaya lita nawa yake ba ka?" Ya ce, "Yana ba da mai sosai, Kawu." Na ce wannan amsar mai talla ce, ya ɗauko littafinsa. Alhamdu lillahi yana rubutawa, a wani tsohon littafin makaranta da mai ya jiƙa gefensa, sai muka bi shi buhu buhu. Farashin da zan ambata na lokacin da muka zauna ne, mai karatu ya sa na kasuwar ranarsa, tsarin lissafin shi ne abin ɗauka. Buhun ɓararriyar gyaɗa mai kilo 100, a kan sikeli ba da ƙiyasin ido ba, ya saye shi naira 125,000. Suya da kuɗin inji da mota da dako da jarkoki sun ci naira 13,000, ya zama buhu ya tsaya masa a kan 138,000. Abin da ke fita a matsakaici lita 40 ne na mai da kilo 58 na tunkuza, ragowar nauyin kuwa ya tafi a tsakuwa da ɓawo da danshin da wuta ta kora. Lita a kan naira 2,800 ta kawo 112,000, tunkuza ta kawo wajen 35,000, jimla 147,000. Riba ke nan naira 9,000 a buhu.

Da yaron ya ga wannan adadi sai jikinsa ya yi sanyi, ya ce ai Alhaji zai raina dubu tara. Na ce masa akasin haka ne, domin mutumin da ya yi shekara talatin a kasuwar hatsi ya san ribar mai siririya ce, da juyi take taruwa, kuma in ka rubuta masa dubu talatin a buhu zai san ɗayan biyu ne, ko ba ka iya lissafi ba ko ka ɗauke shi wawa. Fa'idar lissafin buhu ɗaya ita ce Alhaji yana iya ɗaga waya ya tambayi yaronsa na Dawanau farashin gyaɗa da na jarkar mai, cikin minti biyar ya tabbatar da maganarka ko ya ƙaryata ta. Lissafin shekara biyar da ake cika takardu da shi kuwa babu wanda zai iya tabbatarwa, gaibu ne, saninsa sai Allah.

Wannan lissafi kuma shi ya nuna mana inda haɗarin sana'ar yake, abin da dole a faɗe shi a wasiƙar tun ba a tambaya ba. In gyaɗa ba ta ƙosa ba, ko an ɗaure ta da danshi, ko mai inji ya yi gaggawa bai matse sosai ba, buhu ya ba da lita 37 maimakon 40, lita ukun nan kuɗinsu naira 8,400 ne, watau kusan dukan ribar ta tafi. Gyaɗar da ta yi funfuna kuwa musibarta biyu ce, mai ya yi ɗaci, tunkuzar kuma masu kaji da suka san aikinsu ba za su saya ba, domin gubar funfunar tana kashe tsaki. A littafin yaron, cikin buhu 34 da ya matse bara, 5 sun faɗi, uku saboda danshi, biyu saboda wani mai shago ya riƙe masa kuɗi har farashin gyaɗa ya tashi. Ya so mu ɓoye wannan. Na ce a'a, wannan layin shi ne mafi tsada a wasiƙar, domin attajiri ya riga ya san ana faɗuwa, abin da yake son sani shi ne ko kai ka san dalilin faɗuwarka, ka kuma san abin da za ka yi don kada ta maimaitu.

Daga nan muka koma kan miliyan shida. Na tambaye shi ko ya taɓa gyara injin matsa, ya ce a'a. Na tambaye shi buhu nawa zai matse a mako kafin injin ya biya man da yake sha da ladan mai kula da shi, bai sani ba. To ashe abin da ya ƙware a kai shi ne zaɓen gyaɗa da sayar da mai, injin kuwa buri ne, kuma da zarar an saye shi kuɗin sun daskare a ƙarfe, in abu ya ɓaci ba za a sayar da shi a rabin kuɗinsa ba. Sai muka ajiye inji muka nemi jarin juyi kaɗai, kuɗin buhu goma, naira 1,380,000, wanda a kowace rana yana nan ko gyaɗa ce a ɗaki, ko mai a jarka, ko kuɗi a asusu, abin da wakilin Alhaji zai iya zuwa ya ƙirga. Yaron ya ce zai iya juya shi sau biyu a wata, na rage masa zuwa sau uku a wata biyu saboda masu jinkirin biya, ya zama juyi shida daga Nuwamba zuwa Fabrairu, buhu 60, riba naira 540,000 in komai ya tafi daidai. Nemi abin da ya ninka wanda ka taɓa riƙewa sau uku ko huɗu, wanda ya saba da buhu uku ana iya yarda da shi a kan goma, amma ba a kan ɗari ba.

Sauran babbar mas'ala ita ce sunan ƙullin da kake nema, domin yawancin rigimar da ke kai masu jari da yaransu gaban alkali daga nan take tasowa, ɗaya yana ganin rance ya bayar, ɗaya yana ganin haɗin gwiwa aka yi. Alkawarin da yaron ya yi na kashi ashirin kowane wata ba fashi, ko da niyyarsa kyakkyawa ce, kuɗin ruwa ne tsantsa, domin ya lamunce uwar kuɗi ya kuma yanka ƙari sananne a kanta. Abin da yake nufi a zuciyarsa shi ne abin da malamanmu na fiƙihu ke kira ƙiradi, bankunan Musulunci irin su Jaiz kuma suke kira mudaraba, watau ɗaya ya kawo dukiya, ɗaya ya kawo aiki, a raba ribar da ta samu bisa wani kaso da aka ambata tun farko, rabi ko sulusi ko abin da aka yarda. In aka yi hasara ba tare da sakaci ko ta'addi ba, mai dukiya ya yi hasarar dukiyarsa, mai aiki ya yi hasarar wahalarsa. Wanda ya karanta babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid zai tuna cewa a mazhabarmu ta Malikiyya da tsabar kuɗi ake ƙulla ƙiradi, ba da haja ba, ba a yanka masa ajali, kuma ba a raba riba sai uwar kuɗi ta koma kuɗi. Wannan yana da tasiri a lafazin wasiƙar. Ba za ka rubuta "na wata huɗu" a matsayin sharaɗi ba, sai ka ce kana kirdadon kammala juyin a cikin wata huɗu. Ba za ka ce wa Alhaji ya ba ka buhunan gyaɗa daga ɗakin ajiyarsa a matsayin jari ba. Kuma kada son a yarda da kai ya sa ka rubuta cewa in an faɗi za ka biya daga aljihunka, domin wannan sharaɗin yana ɓata ƙiradin. Tafsilin sharuɗɗan kuwa na ranar zama ne, a gaban malami da shaidu biyu, a rubuce.

Ga wasiƙar kamar yadda ta fita, na cire sunaye kawai. A gurbin Subject muka sa: Ta hannun Liman Wane, neman ƙiradi a cinikin man gyaɗa, naira 1,380,000.

"Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, ni ne Wane ɗan marigayi Malam Wane na gari kaza, wanda Liman ya yi maka maganarsa ranar Juma'a, shi ne kuma ya ba ni wannan adireshi.

"Kaka biyu ke nan ina sayen gyaɗa a kasuwannin ƙasar Ɗambatta, ina kai ta inji, ina sayar da mai da tunkuza. Bara na matse buhu 34 da kuɗina, 29 sun yi riba, 5 sun faɗi saboda danshi da jinkirin biya. A farashin wannan mako buhu mai kilo 100 yana tsaya mini a kan naira 138,000 har da kuɗin inji da mota, yana ba da lita 40 da tunkuza kilo 58, waɗanda ke kawo 147,000.

"Ina neman ƙiradi na naira 1,380,000, kuɗin buhu goma, riba rabi da rabi. Ina kirdadon juyi shida tsakanin Nuwamba da Fabrairu, ribar duka wajen 540,000 in Allah ya yarda. Babban haɗarin shi ne in mai ya gaza da lita uku a buhu, riba ta tafi, shi ya sa yanzu ba na sayen buhun da ban zazzage na duba ba, ba na kuma ba da bashin da ya wuce jarka biyu.

"Abin da nake roƙo shi ne ka ba ni rabin sa'a in zo da littafina ka duba, ko ka aiko wanda ka amince da shi ya ga aikin a ranar matsa. Ga lambar wayata. Allah ya ƙara girma, ya sa albarka a dukiya. Wassalam."

Mai karatu zai lura gaisuwar ba ta wuce layi biyu ba, amma ba a yar da ita ba, domin wasiƙar da ta faɗa wa dattijo ba sallama ba "ranka ya daɗe" ta rasa ladabi, rashin ladabi kuwa ba ya zama ƙwarewa don an rubuta shi a na'ura. Zai kuma lura maraicin yaron ya rage kalma ɗaya, "marigayi", wadda ta isa ta sanar da Alhaji ko ɗan wane ne. Dalili shi ne sadaka da ƙiradi ƙofofi biyu ne, wanda ya ƙwanƙwasa su tare kuwa ta sadakar ake buɗe masa, a ba shi dubu ashirin a sallame shi da addu'a, maganar ciniki ta mutu ke nan. Haka nan ba mu ce kasuwar man gyaɗa tana da faɗi ba, ba mu ce mutanen Kano miliyan kaza ne ba, Alhaji ya fi mu sanin wannan. Ba mu kuma yi da'awar rajistar da babu ita ba. In kana da rajistar sunan kasuwanci, ambace ta a layi ɗaya, in kana nufin zuba mai a kwalba da tambarinka ka kai kantuna, to ka sani sai da lambar hukumar kula da abinci da magunguna, kuma mai jari zai tambaya. Yaron namu a jarka yake sayarwa ga waɗanda suka san shi, don haka muka bar wannan babin.

Kafin ka aika, karanta wasiƙar da ƙarfi a gaban wanda ya san sana'ar, ka sake buga kowane adadi a kan na'urar lissafi, domin sifiri ɗaya da ya ɓace ko ya ƙaru ya isa ya rushe amincin sauran. Tura wa kanka ita da farko ka ga yadda take fita a waya, musamman haruffan nan masu ƙugiya, waɗanda a wasu wayoyi kan rikiɗe su zama akwatuna. Da ka aika kuma, sanar da wanda ya haɗa ku cewa ta tafi, shi zai san yadda zai tuna wa Alhaji ba tare da an matsa masa ba.

Sai haƙuri. Mako guda cikakke kada ka ce komai, kada ka bi wasiƙar da kiran waya a daren da ka aika ta, kada ka cika wa mutum waya da "Alhaji ka gani?" In mako ya wuce, aika layi biyu a ƙarƙashin wasiƙar farko, da wani sabon abu a ciki, kamar cewa farashin buhu ya motsa zuwa kaza, ko ranar kaza za ka yi matsa in ana son a gani. In wannan ma ta shiga shiru, to shirun amsa ce, manyanmu ba su cika cewa a'a da baki ba, sai ka gode wa Liman ka nemi wata ƙofa, ka bar zumunci yadda yake. Amsar da ke da alamar alheri ita ce mai tambaya mai tsauri, wa kake sayar wa, me ya sa kuɗin injinka ya kai haka, ina kake ajiye gyaɗar. Wanda ya amsa da yabo da "Allah ya taimaka" kawai, yawanci ya sallame ka ne cikin mutunci. Wanda kuwa ya amsa da gaggawa ya ce ya yarda, har zai ninka kuɗin, sai dai ka fara tura wani abu na buɗe fayil ko na lauya, ko ka ba shi lambobin katinka na banki, wannan ɓarawo ne, ko da sunan wane ya zo, mai ba da jari ba ya karɓar kuɗi a hannun mai nema.

Wasiƙar ɗan ƙanwata ta kwana tara ba amsa, har ya fara cewa da ma tsohuwar ya tura. A rana ta goma ɗan Alhaji ya rubuto layi ɗaya, cewa Baba ya ce a zo da littafin ranar Asabar bayan azahar. Alhaji ya yi ta juya shafukan nan masu maiƙo, bai tsaya a ko'ina ba sai a kan buhu biyar da suka faɗi, ya yi tambaya a kan kowane ɗaya. Bai ba da kuɗin buhu goma ba, na biyar ya bayar, naira 690,000, aka rubuta takarda a gaban Liman da shaidu biyu, ya ce in uwar kuɗi ta dawo lafiya a zo a yi maganar sauran.